Uku da Ɗaya, ko Ɗaya Cikin Huɗu? Yadda Ake Fitar da Amsa Daga Akwatin Gado

Bayan na raba takardun gwajin share fage, wanda muke yi wa 'yan ajin ƙarshe kafin WAEC da NECO, wata ɗalibata 'yar wajen Roni ta biyo ni ofishin malamai da takardarta a naɗe kamar tabarma. Ta gaishe ni, ta warware takardar a kan tebur, ta ɗora yatsa a kan tambaya ta huɗu.

"Malam, don Allah a duba min nan. Akwatina daidai yake da wanda aka zana mana a allo, ban bar komai ba. Amma an soke amsar."

Na duba. Tambayar kashi biyu ce. Kashi na farko ya ce uba AS ne, uwa ma AS, a zana yadda gadon jininsu zai haɗu. Ta yi wannan tsaf, da rula ma ta ja layukanta, na kuma ba ta makinta cif. Kashi na biyu ya ce, mece ce yiwuwar ɗan da za su haifa ya zo da sikila? A nan ta rubuta 3:1, ni kuma na ja jan biro.

"Ai uku lafiyarsu ƙalau, ɗaya ne mai ciwon," in ji ta. "Ko ba haka ba ne, Malam?"

Haka ne. Abin da ya sa wannan makin yake da zafin rasawa ke nan: yaro ya san karatun, ya yi aikin da ya fi wuya, sai a bakin ƙofa ya yi tuntuɓe. Shekaru ina koyar da bayoloji a wannan yanki namu na Kazaure, kuma duk shekara sai na ga wannan kuskuren a takardun yaran da suka fi kowa ƙoƙari. Abokan aikina da ke Babura da Gwiwa su ma kukan da suke yi ke nan idan muka haɗu. Don haka nake son in warware shi a nan daki-daki, yadda na warware wa yarinyar a ranar.

Jarrabawar da Turanci ake yin ta, kuma kalmomi biyu ne ke jawo rikicin: rashiyo da furobabiliti. Na biyun shi ne abin da zan riƙa kira yiwuwa. Su biyun daga akwati ɗaya ake ciro su, wato akwatin nan mai ɗakuna da ake kira da sunan Reginald Punnett, masanin Ingila da ya fito da shi a farkon ƙarni na 20. Ga na auren AS da AS, ƙwayoyin uba a sama, na uwa a gefe:

```
       A     S
 A    AA    AS
 S    AS    SS
```

Ɗaki huɗu ne: AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Akwatin bai san abin da aka tambaye ka ba. Kai ne za ka karanta shi, kuma karatunsa iri biyu ne. Rashiyo yana gwada kashi da ɗan'uwansa kashi: marasa ciwo uku, mai ciwo ɗaya, 3:1. Yiwuwa kuwa tana gwada kashi ɗaya da dukkan abin gaba ɗaya: ɗakin SS ɗaya ne a cikin ɗakuna huɗu, 1/4. Lambar 4 ba ta bayyana ko'ina a cikin 3:1, amma ita ce ginshiƙin yiwuwa. Wanda ya rubuta 3:1 ya bar wa mai maki aikin haɗa uku da ɗaya, da kuma aikin zaɓar wanne daga cikin lambobin biyu ne mai sikila. Wannan aikin kuwa shi ne ainihin abin da kashi na biyu yake gwadawa.

Da na ga bayanin bai zauna mata ba, sai na koma inda na san kowane ɗan Musulmi a ƙasar nan ya taɓa ji, wato rabon gado. Na ce mata, a ce mutum ya rasu, ba mata, ba iyaye, ya bar ɗa namiji ɗaya da 'ya mace ɗaya. An biya bashi, an fitar da wasiyya, saura buhu talatin na gero. Nawa macen za ta samu?

Ba ta ko yi jinkiri ba. "Goma, Malam. Namijin ashirin."

"To rabin gadon ta samu?"

"A'a. Rabin na yayanta dai. A cikin gadon kuwa sulusi ne."

Na ce mata to ta gama fahimtar darasin. Rabon namiji da na mace 2:1 ne, wannan shi ne rashiyo. Amma ba malamin da zai zauna rabon gado ya ce tunda biyu da ɗaya ne, mace ta ɗauki buhu goma sha biyar. Sai ya fara haɗa kason duka, biyu da ɗaya uku, ya kasa dukiyar gida uku, sannan ya ba kowa nasa. Idan maza biyu ne da mace ɗaya, 2:2:1 ke nan, gida biyar za a kasa, macen ta tashi da humusi. Kalmominmu na rabi da sulusi da rubu'i da sudusi duk suna faɗin matsayin kashi ne a cikin dukkan abu, kuma harshen yiwuwa ke nan. Yaron da ya tashi yana jin waɗannan kalmomin a gida bai kamata lissafin Punnett ya kayar da shi ba, sai dai idan mu malamai ba mu haɗa masa gadar ba.

Hanyar juya rashiyo ya koma yiwuwa ke nan, ba wata: haɗa lambobin rashiyon duka, abin da ka samu shi ne lambar ƙasa, sannan ɗauki lambar abin da aka tambaye ka, ka ɗora a sama. A 3:1, jimla huɗu, yiwuwar sikila 1/4, yiwuwar rashinta 3/4. A 1:2:1, jimla huɗu ce har yanzu, yiwuwar AS 2/4, wato 1/2. Ko da babban akwatin nan ne mai ɗaki goma sha shida, na halaye biyu a lokaci ɗaya, wanda yake ba da 9:3:3:1, dokar ba ta canzawa: tara da uku da uku da ɗaya sha shida, don haka kowace amsa a kan 16 za ta zauna. Ana iya rubuta yiwuwa da siffa uku, 1/4 ko 0.25 ko kashi 25 cikin ɗari, duk abu ɗaya ne. Idan tambaya ta ambaci wadda take so, a ba ta ita. Idan ba ta ambata ba, ni na fi son 1/4, don ita ce ke nuna daga ina lambar ta fito.

Kuskuren yarinyar nan ma mai sauƙi ne idan aka gwada shi da wanda ya fi yawa a takardun ajin. Yara da dama sun gane cewa yiwuwa lamba ce a kan lamba, sai suka ɗauki 1:3 suka cire ɗigo biyun nan na tsakiya suka sa layi, suka rubuta 1/3. Wannan shi ne ba wa mace rabin gado. Ita 3:1 gaskiya ce da aka faɗa a inda ba a tambaya ba, amma 1/3 ƙarya ce tsagwaronta, domin ba ɗaki uku ne a akwatin ba. Wasu kuma suka juya ta suka rubuta 3/1, wato uku.

Akwai ma'auni biyu da ɗalibi zai gane da kansa cewa ya kauce, tun kafin ya miƙa takarda. Na farko, yiwuwa ba ta wuce ɗaya, ba ta kuma gaza sifiri. Ɗaya na nufin tabbas abin zai faru, sifiri na nufin ba zai faru ba sam. Duk wanda ya ga lambar samansa ta fi ta ƙasa girma, to rashiyo ya sa wa riga. Na biyu, idan ka haɗa yiwuwar duk abubuwan da za su iya faruwa, dole su ba ka ɗaya daidai, kamar yadda rabon magada yake cinye dukiya ba ragi ba ƙari. Rubu'i na AA, rabi na AS, rubu'i na SS, sun cika ɗaya. Amma wanda ya ce SS sulusi ne, alhali ya yarda ɗakuna uku cikin huɗu ba su da ciwon, idan ya haɗa 1/3 da 3/4 zai ga sun zarce ɗaya. Ya raba abin da babu.

Inda wannan kuskuren yake fitowa fili ƙarara shi ne auren AA da AS. Akwatin yana ba da AA biyu, AS biyu, wato 1:1. Sai a tambayi yiwuwar a haifi AS, yaro ya rubuta 1/1, wanda ma'anarsa kowane ɗa AS ne, alhali ga AA nan biyu a gabansa da ya zana da hannunsa. Amsar 1/2 ce. Idan kuma a wannan auren aka tambayi yiwuwar sikila, amsar sifiri ce, kuma sifiri cikakkiyar amsa ce. Na sha ganin yara suna tsoron rubuta 0, suna ganin kamar ba su amsa komai ba, sai su laluɓo 1/4 da suka haddace su liƙa. Ba SS a akwatin, to a rubuta 0 a wuce.

Sai ɗaya fuskar, inda aka nemi rashiyo ɗalibi ya ba da yiwuwa. A nan zan faɗi ra'ayina a matsayin mai maki. Idan an ce a kawo rashiyon jinotayif, yaro ya rubuta AA 1/4, AS 1/2, SS 1/4, duk bayanin yana nan, kuma a gwajin aji nakan yi masa sassauci in rubuta gargaɗi a gefe. Amma a babbar jarrabawa mai maki yana da takardar jagora a gabansa, yana da tarin takardu a gefensa, bai kuma san ka ba. Kada ka jingina makinka a kan sassaucin wani. Mafi yawan masu wannan kuskuren ma ba sa kawo kason duka. 3/4 kawai suke rubutawa su yi gaba, kuma lamba ɗaya tilo ba ta taɓa zama rashiyo, tunda ba a gwada ta da kowa ba. Komawa daga yiwuwa zuwa rashiyo ba wuya: daidaita lambobin ƙasa su zama iri ɗaya, 1/4 da 2/4 da 1/4, ka zubar da ƙasan, ka jera saman, 1:2:1. Idan guda ɗaya aka ba ka, kamar 1/4, cire sama daga ƙasa don ka sami ragowar, huɗu a cire ɗaya saura uku, ka rubuta mai ciwo 1, marasa ciwo 3.

Rashiyo kuma ba ya tafiya tsirara, sai da suna. A rubuta 1 AA : 2 AS : 1 SS, ko 3 marasa sikila : 1 mai sikila. Idan tambaya ta ce a gwada masu ciwo da marasa ciwo, to masu ciwo ne a gaba, 1:3, ba 3:1 ba. Sunan da ka liƙa wa kowace lamba shi zai cece ka ko da ka juya jerin. A kuma lura da wane rashiyo ake nema. Na jinotayif yana ƙirga haruffan da ke cikin ɗakuna, 1:2:1. Na finotayif yana ƙirga abin da ya bayyana a jiki, 3:1. A batun sikila akwai ɗan ƙulli a nan, domin mai AS yana da nau'in himogulobin biyu a jininsa, kuma gwajin asibiti yana bambanta shi da mai AA. Shi ya sa wasu littattafan suke kasa finotayif ɗin gida uku: lafiyayye, mai ɗauke da ƙwayar, da mai ciwon. Idan ka sa sunaye, kowace hanya mai maki ya bi zai ga ka san abin da kake yi.

Wani lokaci ba akwati za a sa ka zana ba, alƙaluma za a ba ka. Mafi shahara su ne na Gregor Mendel, wanda ya yi gwajinsa da wani nau'in waken Turai a lambun gidan ibadarsu da ke Brno, aka buga sakamakon a 1866. A zuriya ta biyu ya ƙirga dogayen tsirrai 787 da gajeru 277. Idan rashiyo aka nema, a raba kowace lamba da ƙaramar: 787 a raba da 277 ya ba da 2.84, 277 a raba da kanta ya ba da 1. Sai a rubuta 2.84:1, a ƙara da cewa kusan 3:1 ne. Idan kuwa aka ce wane kaso ne gajeru, to sai an haɗa tukuna: 787 da 277 sun zama 1064, a raba 277 da 1064, a sami 0.26, dab da rubu'i. Wanda ya raba 277 da 787 zai sami 0.35, tsohon kuskuren sulusi ne ya dawo da sabuwar riga. A lura kuma, Mendel da ya ƙirga tsiro sama da dubu bai sami uku da ɗaya cif ba. Wannan ratar ta 2.84 da 3 ita ce ƙofar abin da ya fi maki muhimmanci a wurina.

Yarinyar tana naɗe takardarta za ta tafi, sai ta tsaya.

"Malam, mu a gidanmu mu shida ne, biyu ne masu sikila. Ƙanina da ƙanwata, kuma a jere aka haife su. Idan ɗaya cikin huɗu ne, ya aka yi haka?"

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa wannan tambayar ta dame ta fiye da sauran da ta faɗi. Na jawo mata kujera na ce ta zauna.

Rashiyo yana sa mutum ya hango 'ya'ya huɗu a jere a kan tabarma, uku lafiya, ɗaya ba lafiya. Daga nan ne maganar da ake yi a zaure take fitowa, cewa idan AS ya auri AS, ɗaya ne cikin 'ya'ya huɗu zai yi ciwon, har wasu su ce na huɗun ne, wasu kuma su ce tunda na fari ya ɗauka, ukun da ke biye sun tsira. Ɗakunan akwatin nan ba 'ya'ya huɗu ba ne. Hanyoyi huɗu ne da ciki ɗaya zai iya bi. Kowane ciki sabon zance ne, bai san abin da ya faru da na gabansa ba, kuma yiwuwar SS a cikinsa rubu'i ce, ko shi ne na fari ko na goma. Shi ya sa idan jarrabawa ta ce ma'aurata sun haifi uku lafiyayyu, mece ce yiwuwar na huɗu ya zo da sikila, amsar 1/4 ce. Idan ta ce na farko mai sikila ne, na biyun fa, amsar 1/4 ce dai.

A aji ina nuna wannan da wake. Kwano biyu, ɗaya uba ɗaya uwa, kowanne an zuba farin wake da jan wake daidai wa daida, fari A, ja S. Yaro ya rufe ido ya ɗauko ƙwaya ɗaya daga kowane kwano, a rubuta abin da ya fito, sannan a mayar da waken cikin kwanonsa a girgiza. Mayarwar nan ita ce ran gwajin, domin uba ba ya ƙarar da S ɗinsa don ya ba ɗa ɗaya. Kowane benci ya ɗauka sau huɗu, gida ɗaya ke nan mai 'ya'ya huɗu. Za ka ji wani benci na murna ba su sami ja biyu ko sau ɗaya ba, wani benci kuma sun samu sau biyu sun yi tsit. Sai an tattara na ajin duka a allo, an maimaita, sannan adadin yake matsowa kusa da uku da ɗaya. Rashiyo a taro yake bayyana, ba a gida ɗaya ba.

Ana iya lissafa wannan ma. Idan abubuwa biyu ba ruwan ɗaya da ɗaya, ana son su faru tare, sai a ninka yiwuwarsu. Biyu a jere duka SS, kamar ƙannen ɗalibata: 1/4 sau 1/4, wato 1/16. Ba abu ne da ba a saba gani ba. 'Ya'ya huɗu duka su tsira kuwa: 3/4 sau 3/4 sau 3/4 sau 3/4, wato 81/256, kusan kashi 32 cikin ɗari. Shi kuma "ɗaya cikin huɗu" ɗin da kowa ke ambata, wato a sami mai sikila ɗaya tak a cikin 'ya'ya huɗu, yiwuwarsa 108/256 ce, kusan kashi 42 cikin ɗari. Bai ko kai rabi ba. Ragowar, wajen kashi 26 cikin ɗari, gidajen da za su sami biyu ko fiye ne. Don haka wanda ya nuna maka wani gida na AS da AS da 'ya'yansu huɗu ba mai ciwo, ya ce likitoci ƙarya suke, bai karya lissafin ba. Kusan sulusin irin waɗannan gidajen haka za su kasance. Lissafin bai yi da'awar sanin gaibu ba. Allah ne Ya san abin da ke cikin mahaifa, mu dai nauyin haɗarin muke aunawa.

Wannan ba maganar aji kaɗai ba ce yanzu. A 2024 gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da gwajin jinotayif, mu kuma nan Kazaure da Kano auratayya muke yi dare da rana. Takardar asibiti tana zuwa gida da haruffa biyu, kuma sau da yawa ɗan sakandaren gidan ake miƙa wa a ce ya fassara. Abin da zai faɗa wa iyayensa a ranar daga wannan darasin zai fito.

Saura ƙulli ɗaya, wanda yake kayar da har waɗanda suka iya bambanta rashiyo da yiwuwa. Lambar ƙasa ba kullum take zama huɗu ba. Tambaya ce ke faɗa maka a cikin su wa za ka ƙirga. Ɗauki ita wannan ɗalibar. Iyayenta AS ne su biyun, ita kuma ta kai shekara sha bakwai ba ta taɓa ciwon sikila ba. Mece ce yiwuwar ita AS ce? Kusan kowa zai ce rabi. Amma mun riga mun san ita ba SS ba ce, don haka wannan ɗakin ya fita daga lissafi. Saura ɗaki uku, AA ɗaya, AS biyu. Amsar 2/3 ce. Ga inda sulusi yake da halaccin shigowa, kuma dalilinsa daban ne da na kuskuren ɗazu: ba layi aka sa a madadin ɗigo ba, ɗaki aka rufe.

Irin wannan yana zuwa a tambayoyin makantar launi, wadda ake gado ta kan ƙwayar X. Uwa tana ɗauke da ita ba ta nuna ba, uba lafiyayye. Ɗakuna huɗu: mata biyu, duka suna ganin launi, maza biyu, ɗaya yana gani ɗaya ba ya gani. Idan aka tambayi yiwuwar abin da za a haifa ya zo da matsalar, ba a faɗi jinsi ba, 1/4 ce. Idan aka ce an haifi namiji, mece ce yiwuwar yana da ita, ɗakunan mata sun fita, saura biyu, 1/2 ce. Kalma ɗaya a cikin tambaya ta ninka amsar. A tambayoyin zaɓi irin na JAMB kuwa, mai tsara tambaya ya san waɗannan ramukan sarai, kuma yakan jera amsar gaskiya kusa da ta kuskuren da aka saba yi, don haka ganin amsarka a cikin jerin ba shaida ba ce cewa ka yi daidai.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne, kafin su zana komai su ja layi a ƙarƙashin kalmar da ke faɗin siffar amsa, su kuma zagaye mutanen da ake magana a kansu, 'ya'ya duka ne, ko maza kawai, ko marasa ciwo kawai. Bayan sun zana akwati, su rubuta ƙirgen a gefe da sunaye, sannan su koma kan layin da suka ja. Akwai kuma abin da nake hana su: rubuta 1:4 da nufin ɗaya cikin huɗu. Ana ganin hakan a wasu rubuce-rubucen asibiti, amma a takardar bayoloji mai maki zai karanta shi a matsayin ɗaya a nan huɗu a can, jimla biyar. Haka nan jera amsa biyu, 3:1 da 1/4, ba tare da an ce wacce ce wacce ba, don mai maki ya zaɓa, ba ya jawo maki. Idan kana son nuna duka biyun, rubuta rashiyon a matsayin mataki, ka rufe da cikakkiyar jimla: yiwuwar SS ita ce 1/4.

Malami ma yakan yi kuskure, musamman idan ya kwafo tambaya daga wani littafi, jagorar amsa kuma daga wani. Ɗalibin da ya ga an soke masa amsa ya fara karanta tambayar da ƙarfi, ya ji me ta nema, ya gwada amsarsa da ma'aunan nan biyu. Idan har yanzu yana ganin shi ke da gaskiya, ya je da takardar tambayar da ta amsar tare, cikin ladabi, ya nemi a nuna masa inda ya kauce. Ni an taɓa kawo min irin wannan, tambayata ta ce rashiyo, jagorar da na rubuta ta ce 1/4, na mayar wa yara makinsu a gaban aji.

Ita ɗalibar tawa ba ta sami nata makin ba, don tambayar ba ta da harshen damo. Ta karɓi biro ta rubuta gyara a ƙasan jan layin: 1/4. Sannan ta ɗan yi shiru tana kallon akwatin, ta sa yatsa ta rufe ɗakin SS, ta ƙirga sauran.

"Wato ni biyu cikin uku ce, Malam."

Na ce mata haka lissafi ya ce, amma gwajin jini a asibiti shi zai faɗa mata ko AA ce ko AS, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Ta ce idan an yi hutu za ta roƙi babanta ya kawo ta Kazaure a yi mata, ita da yayarta da ake shirin sa wa rana.